Kafin A Rubuta Maka Tsarin Motsa Jiki: Wace Tambaya Ce Ke Gaba?



Watanni uku da suka wuce wata budurwa daga nan unguwarmu ta Majidaɗi ta turo min saƙo a waya. Layi ɗaya ne tak: "Anti, don Allah ki rubuto min tsarin motsa jiki na wata ɗaya." Babu shekaru, babu maganar lafiya, babu abin da ake so a cimma, ba ta kuma faɗi lokacin da take da shi ko kayan da ke gida ba. Na san yarinyar, shekarunta ba su wuce ashirin da huɗu ba, kuma lafiyarta ƙalau. Saura kaɗan in rubuta mata sassarfa da tsallen igiya, sai ɗabi'ar aiki ta rinjaye ni, na tambaye ta abin da nake tambayar duk wanda ya tsaya a gaban kanta yana neman magani: "Wa zai yi amfani da shi?" Ta ce, "Ai na Mama ne."

Mahaifiyar tata malamar makaranta ce mai shekara 52. Tana da ciwon suga da hawan jini, tana shan magunguna uku kullum, gwiwarta ta dama kuma tana damunta. Da na tura abin da na yi niyya, da na aika wannan baiwar Allah tsallen igiya da sanyin safiya cikinta babu komai, ga maganin suga yana aiki a jikinta.

Motsa jiki yana da awo kamar yadda magani yake da awo: nawa, sau nawa, da wane ƙarfi, kuma ga wa. Yawancin masu neman tsari suna farawa ne da tambayar kaya, wane takalmi za a saya, wane inji ya fi. Ni kuwa wannan ce tambayata ta ƙarshe. Tambayoyin biyar ne, kuma jerinsu yana da dalili: wadda kuskure a cikinta zai iya kai mutum gadon asibiti ita ce ke gaba, wadda kuskurenta ɓata kuɗi ne kawai ita ce a baya.

Tambaya ta farko: me jikinka ke faɗa, kuma me kake sha?

Wannan tambaya kashi biyu ce. Kashin farko alamu ne. Shin ƙirjinka yana ciwo, ko yana yi maka nauyi kamar an ɗora dutse, idan ka hau bene ko ka yi sauri? Kana haki a kan ɗan aikin da a da ba ya sa ka haki? Ka taɓa yanke jiki ka faɗi, ko jiri ya kwashe ka? Ƙafafunka suna kumbura, ko ba ka iya kwanciya sai ka tara matasai? Idan amsar ɗaya daga cikinsu "e" ce, to maganar tsari ta tsaya nan. Likita za ka gani tukuna, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko wanda ya fi kusa da kai. Haka ma wanda aka auna jininsa yana zaune a natse aka samu 180 bisa 110 ko sama da haka, sai an sauko da shi kafin a yi batun atisaye.

Ba ni na ƙirƙiro wannan tsari na tambaya ba. Tun shekarun 1970 aka fitar da wata 'yar takarda a ƙasar Kanada mai suna PAR-Q, mai tambayoyi bakwai da mutum zai amsa kafin ya fara motsa jiki, kuma yawancinsu a kan zuciya, jiri, gaɓoɓi da magani suke. Ƙa'idar da masana ke bi a yau ita ce, wanda ya daɗe ba ya motsa jiki kuma yana da ciwon zuciya, ko na suga, ko na ƙoda, ya samu amincewar likitansa kafin ya fara, ko da ba ya jin wata alama. Wanda ba shi da ɗaya daga ciki kuma babu alama, zai iya fara tafiya a hankali tun yau. Mai juna biyu, da wadda ta haihu kwanan nan musamman ta hanyar tiyata, da mai amosanin jini, wato sikila, kowannensu nasa tsarin daban ne, kuma daga asibitin da ke duba shi ya kamata ya fito.

Kashi na biyu shi ne magani, kuma nan ne aikina ya fi ƙarfi. Na ce wa yarinyar ta zo min da mahaifiyarta, su haɗo da ledar magungunanta gaba ɗaya. Abin da na zazzage a kan kanta shi ne atenolol na hawan jini, sai metfomin da gilibenkilamaid na suga. Sai kuma wani katin daikulofenak da ba likita ne ya rubuta ba, ta saya ne saboda gwiwa.

Atenolol, da 'yan uwansa da sunayensu ke ƙarewa da "lol", suna taka wa bugun zuciya birki. A yawancin tsare-tsaren da ke yawo a waya za ka ga an ce ka cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun zuciyarka a minti, sai ka yi ƙoƙarin kai wajen kashi 70 cikin ɗari nasa. Ga mai shekara 52 lissafin zai ba da 168, kashi 70 ɗinsa kuma wajen 118. To mai shan atenolol tana iya yin tafiya har ta galabaita bugun bai kai nan ba, saboda maganin ya hana. Idan ta biye wa lamba, sai ta yi ta ƙara sauri tana neman abin da ba zai zo ba. Don haka na ce mata, "Mama, ku manta da ƙirga bugu, ku auna da magana." Idan mutum yana tafiya yana iya hira amma ba zai iya rera waƙa ba, to yana kan matsakaicin ƙarfi, wanda ake so. Idan kalma biyu uku kawai yake iya faɗa sai ya tsaya ya ja numfashi, ya zarce, sai ya rage. Kuma kada wani ya ajiye atenolol da kansa don yana so ya motsa jiki, domin barinsa farat ɗaya yana da haɗari ga zuciya.

Gilibenkilamaid shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Aikinsa shi ne tilasta wa jiki fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma yana daɗewa a jiki, yakan kai yini da kwana. Tsoka mai aiki ita ma tana jan suga daga jini. Idan abubuwan biyu suka haɗu da cikin da babu abinci, suga yana iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji, inda ake fara jin yunwa mai tsanani, makyarkyata, bugun ƙirji da gumi, daga nan ruɗewa, daga nan suma. Masu allurar insulin ma haka abin yake gare su. Metfomin shi kaɗai da wuya ya jawo wannan. Abin da ya ƙara ɗaure lamarin Mama shi ne atenolol yana ɓoye makyarkyata da bugun ƙirjin da za su yi mata gargaɗi. Alamar da takan rage ita ce gumi, to a zafin Jalingo na watan Maris da Afrilu, wa zai bambance gumin suga da gumin tafiya?

Daikulofenak kuwa na ce ta ajiye shi har sai ta ga likita. Shi da ibufurofen suna ɗaga hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman idan jiki ya rasa ruwa. Banda haka, wanda ya sha maganin ciwo kafin ya fita ya toshe bakin gwiwar da za ta faɗa masa ya isa haka. Akwai wasu biyu da ba su cikin ledarta amma ina so ka riƙe su. Maganin hawan jini mai sa yawan fitsari yana rage ruwan jiki, sai jiri ya biyo baya idan an yi gumi da yawa. Sifro kuma, wanda mutane ke yawan sha da sunan taifod, yana iya raunana jijiyar agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura sittin, don haka mai shan sa ya jinkirta gudu da tsalle, idan kuma agararsa ta fara ciwo ya koma wurin likita nan take.

Tambaya ta biyu: shekarunka nawa, kuma me ka yi a makon jiya?

Shekaru suna nuna inda aka dosa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kimanin minti 60 a kullum. Babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Wanda ya kai 65 ana ƙara masa atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako saboda gudun faɗuwa.

Amma shekaru ba sa faɗin inda za a fara. Dattijo ɗan sittin da ke zuwa gona a bayan gari kullum ya fi ma'aikacin ofis ɗan talatin da biyar da ba ya rabuwa da kujera da mota juriya. Shi ya sa ba na tambayar "kana motsa jiki?", don kowa zai ce yana ɗan taɓawa. Abin da nake tambaya shi ne, a kwana bakwai ɗin da suka wuce, wace ce tafiya mafi tsawo da ka yi ba tare da tsayawa ba? Amsar Mama ita ce daga ƙofar gida zuwa bakin titi inda take hawa keke, minti biyar. To daga nan tsarinta zai tashi. Minti 150 wurin zuwa ne, kuma wanda ya ɗauke shi a matsayin mafari yakan yi kwana uku da ƙwazo, ya kwanta da ciwon jiki, ya ce abin ba nasa ba ne.

Tambaya ta uku: me kake so ya canja?

"Ina so in samu lafiya" ba ya wadatarwa, saboda kowace manufa da irin aikinta. 'Yar ta ce tana so Mama ta rage ƙiba. Da na juya wajen uwar, sai ta ce ita abin da ke damunta shi ne sugan da ya ƙi sauka, da kuma yadda tashi daga zaman tahiya ya zame mata aiki, har tana tunanin komawa salla a kujera. Ka ga manufa biyu ke nan da ba su ne na 'yar ba.

Ga mai neman saukar suga, yawan kwanakin da ake fita ya fi tsawon fita ɗaya amfani. Tasirin motsi a kan suga ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ake so kada a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba, kuma tafiya bayan cin abinci ta fi tafiya da yunwa dacewa da shi. Ga mai neman sauƙin tashi daga ƙasa, tsokar cinya ce ke buƙatar ƙarfi, tafiya kaɗai ba za ta ba da wannan ba. Mai neman rage ƙiba kuwa gara a faɗa masa gaskiya tun farko: abin da mutum mai nauyin kilo 80 zai ƙona a tafiyar minti 30 bai wuce abin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya ba. Idan ba a taɓa kwano ba, sikeli ba zai motsa sosai ba, kuma wanda ya sa sikeli ya zama alƙalinsa zai daina a mako na uku alhali jininsa da sugansa sun fara gyaruwa.

Tambaya ta huɗu: wane lokaci ne naka na gaskiya?

Ba jimlar awoyi nake nema ba, gurbin nake nema: wace rana, ƙarfe nawa, bayan me. Mama tana fita bakwai da rabi, ta dawo wajen biyu, ta ci abinci, ta ɗan kwanta. Asabar ta biki ce da ziyara. 'Yar ta so a sa tafiyar bayan asuba saboda sanyi, kuma ga mutane da yawa wannan ne lokaci mafi kyau. Amma ga mai gilibenkilamaid da ba ta karya ba, lokacin bai dace ba. Tsakar rana kuma zafi ya hana. Sai muka tsaya a kan ƙarfe biyar na yamma, bayan la'asar, rana ta yi sanyi kuma abincin rana yana ciki, kwana biyar a mako. Tana azumin Litinin da Alhamis lokaci-lokaci, sai muka yi yarjejeniya cewa ranar azumi babu tafiya, kuma batun azumi da wannan magani ta kai shi gaban likita. Mai asma shi ma ya duba lokaci, domin sanyin safiyar hunturu da ƙurarsa suna tayar da ciwon, kuma kada ya fita ba tare da abin shaƙarsa ba.

Tambaya ta biyar: me kake da shi, kuma a ina?

Ita ce ta ƙarshe saboda ba ta hana komai, siffar aikin kawai take canjawa. Wanda ke iya zuwa filin wasa na Jolly Nyame ya je. Wadda fita ke yi mata wuya, tsakar gida ya isa, ana zagayawa ana duba agogo. Ruwa lita ɗaya nauyinsa kilo ɗaya ne, don haka babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta zama ƙarfen ɗagawa mai kilo ɗaya da rabi. Ga kujera mai ƙwari, ga bango. Abu ɗaya kawai na ce a saya wa Mama, takalmi rufaffe mai laushin ciki da safa. Ciwon suga yana rage jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya ko silifa ya goge shi bai sani ba, ƙaramin rauni kuma ya zama gyambo. Ta riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu bayan kowace tafiya.

Tsarin da ya fito daga amsoshin

Da farko ta koma asibitin da take karɓar magani, likita ya duba ta ya amince. A kantina jininta ya nuna 148 bisa 92, bai kai inda ake so ba amma bai hana tafiya ba. Mako biyu na farko, tafiyar minti 10 a kwana biyar, minti 50 ke nan a mako. Duk bayan mako biyu a ƙara minti biyar a kan kowace tafiya: 15, sai 20, sai 25, har a mako na tara ta kai minti 30, wanda ya cika 150 ɗin nan. Minti biyu na farko da na ƙarshe a hankali ake yin su, domin tsayawa cak bayan sauri yana kawo jiri ga mai shan maganin hawan jini.

Talata da Juma'a kuma akwai aikin tsoka na kimanin minti goma. Ta zauna a kujera ta miƙe sau takwas, ta huta, ta sake takwas. Ta dafa bango da tafin hannu biyu, ta kai ƙirji kusa ta tura baya, sau goma. Ta ɗaga gorar ruwa daga cinya zuwa kafaɗa sau goma a kowane hannu. Sharaɗin shi ne kada ta riƙe numfashi tana yunƙuri, saboda hakan yana harba jini sama, ta riƙa ƙirgawa da baki a fili. Gwiwa kuma ga ma'auninta: ɗan tsami da ya wuce kafin washegari ba komai ba ne, amma idan ta kumbura ko ciwon ya kwana ya yini, a koma awon makon baya.

Da yake tana da na'urar gwaji, na ce ta auna suga kafin ta fita a makonnin farko. Idan ya gaza 100, ta ci wani abu tukuna, kamar ayaba ɗaya. Ta ƙulle ƙwayar sukari huɗu a gefen mayafi, kuma kada ta fita ita kaɗai.

A mako na huɗu abin da muke gudu ya leƙo. Taron malamai ya riƙe ta har kusan la'asar, ba ta ci abincin rana ba, ta ga biyar ta yi ta sa takalmi ba ta auna ba. Ba su yi minti goma ba gumi ya jiƙa ta, 'yar ta lura maganarta ta fara sarƙewa. Ta zaunar da ita ta ba ta sukarin nan. Da ƙanenta ya kawo na'ura aka auna, 66 ne. Bayan minti 15 aka sake aunawa ya haura 90, sannan ta ci abinci sosai, domin da irin wannan magani suga yana iya sake faɗuwa bayan sukarin ya wuce. Da ta suma, ba a ɗura wa sumamme komai a baki, asibiti ake nufa da shi. Ta kai wa likita takardar da take rubuta awon, shi kuma ya rage mata maganin. Wannan ma wani abu ne da ya kamata ka sani: idan motsa jiki ya fara aiki, awon maganin da ya dace da kai a da yana iya yi maka yawa, kuma likita ne zai gyara, ba kai ba.

Yanzu tana mako na goma sha ɗaya. Ba ta kai minti 30 ba, tana kan 25, saboda gwiwar ta sa mun maimaita wani mataki. Nauyinta kusan yana nan yadda yake. Amma awon suganta na safe ya sauko, kuma tana tashi daga tahiya da dafa hannu ɗaya. 'Yar da ta turo saƙon ita ma ta karɓi nata daga baya, mai sassarfa da tsallen igiyar nan, kuma ya dace da ita.

Saboda haka mai karatu, idan za ka nemi tsari wurin likita, ko mai koyar da atisaye, ko irina, ka rubuto shi kamar haka: shekaruna kaza, ina da ciwo kaza ko ba ni da komai, ga sunayen magungunan da nake sha har da na gargajiya, tafiyata mafi tsawo a makon jiya minti kaza ce, abin da nake so ya canja shi ne kaza, ina da kwana kaza a mako da ƙarfe kaza, ga kuma abin da ke gidana. Idan don wani kake nema, ka faɗa tun a layin farko. Wanda kuma ya miƙo maka tsari bai tambaye ka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka sani ba da jikinka ya auna ba.

A mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake auna hawan jini a gida, da kurakuran da ke sa na'ura ta ba da lambar da ba ita ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.